Wasiƙa zuwa ga abokina kan hannun jarin gidajen haya

Assalamu alaikum abokina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Saƙonka ya iso, inda ka ce ka ga wani kamfani mai alamar REIT yana biyan kashi 10 cikin 100 a shekara, har ka fara lissafin abin da za ka zuba. Dakata tukuna.

Irin waɗannan kamfanoni kuɗin jama'a suke tarawa su sayi gine-gine, ofisoshi ne ko kantuna ko rumbunan ajiya, su ba da haya. A Amurka aka fara su a 1960, kuma dokar can ta ce sai kamfani ya raba wa masu hannun jari aƙalla kashi 90 cikin 100 na ribar da ake ɗora wa haraji. Abin da ya raba ba ya biyan haraji a kansa, kai mai karɓa za ka biya. Abin da daɗin ji, amma nan gizo ke saƙar: wanda ya raba kusan komai ba shi da ajiya, don haka da bashi ko sayar da sabon hannun jari yake ƙara gini.

Ga misali a sauƙaƙe. A ce haya ta kawo dala miliyan 100 a shekara, gyara da albashi da inshora suka ci 35. Akwai bashin miliyan 500 mai kuɗin ruwa kashi 5, wato 25. Saura 40, a raba muku 36. To wa'adin bashin ya cika, aka sabunta shi a kan kashi 8. Kuɗin ruwa ya koma 40, saura 25, rabonku 22.5. Ko ɗan haya ɗaya bai tashi ba, amma fiye da sulusin abin da kake karɓa ya tafi. Idan kuma haya ta tsaya, kamar yadda otal-otal da manyan kantuna suka gani a 2020, wasu rabon ma dakatar da shi suka yi.

Wannan kashi 10 ɗin ma ka bincika asalinsa. Hannun jarin dala 20 mai biyan dala 1 kashi 5 ne. Farashi ya faɗi zuwa 10, sai allo ya nuna kashi 10, alhali masu saye sun hango za a rage rabon ne suka gudu.

Ka buɗe rahotonsu na shekara, ka duba yaushe bashinsu zai cika, da gine-gine nawa ne babu kowa ciki. Ka kuma tabbatar masu gini ne, domin akwai waɗanda rancen gidaje kawai suke riƙewa, abin da suke rabawa kuɗin ruwa ne, na kuwa san ra'ayinka a kan wannan.

Turo min sunan kamfanin mu duba tare. A gaida mutanen gida.

Naka,
Abokinka