Wasiƙa Zuwa Ga 'Yata Kan Notis ɗin Barin Aiki

Daga Aboabo, Kumasi.

Assalamu alaikum, 'yata. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya a Nima, mahaifiyarki ta karanta mini takardun da kika aiko. Kwantiragin da kika sa wa hannu shekara huɗu da suka wuce ya ce notis ɗin wata 2, sabon littafin dokokin kamfani ya ce wata 3, ke kuma an gaya miki cewa doka ta ce wata 1.

Wanda ya gaya miki haka bai yi ƙarya ba, amma bai ƙarasa miki maganar ba. Sashe na 17 na Dokar Ƙwadago ta Ghana ta 2003, wato doka mai lamba 651, ya sa wata 1 ga kwantiragin shekara uku ko fiye, mako 2 ga wanda bai kai haka ba, kwana 7 ga aikin mako-mako. Wannan shi ne mafi ƙanƙanta, don haka idan kika amince da hannunki a kan abin da ya fi shi tsawo, alkawari ya hau kanki. Wata 2 ɗin nan naki ne.

Littafin kamfani kuwa, a nan ne ake yawan rikici, kuma na sha ganin haka lokacin da nake ofishin kula da ma'aikata. Kamfani ba ya iya canja sharaɗin kwantiragi shi kaɗai don kawai ya buga sabon littafi. Sai dai ki sake duba takardarki da kyau, musamman shafin ƙarshe, ko akwai layin da ya ce dokokin kamfani, har da gyaran da za a riƙa yi musu, suna cikin kwantiragin. Ki kuma tuna ko ranar da aka raba littafin an ba ki takardar amincewa kin sa hannu. Mutane kan sa hannu a tsaye, suna zaton shaidar karɓa ce kawai. Idan ɗaya daga cikin biyun nan ya tabbata, hujjarsu ta wata 3 ta yi ƙarfi. Idan kuma kina cikin ƙungiyar ƙwadago, ki nemi yarjejeniyarta da kamfanin, domin tana gaba da kwantiragi sai inda shi ya fi amfanar ma'aikaci.

Notis a rubuce ake ba da shi, kuma ranar miƙawa tana cikin lissafi: in kin miƙa ranar 3 ga Maris, wata 2 zai cika ranar 2 ga Mayu. Tunda sabon wurin aikin da kika samu yana son ki fara bayan wata 1, ki roƙi a yafe miki sauran a rubuce, in sun ƙi ki biya albashin wata 1, wato sidi 4,500 ɗinki, a madadinsa. Ki riƙe kwafi mai hatimi da kwanan wata, domin shi za a fara tambaya idan magana ta kai Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa.

Kada ki miƙa komai sai kin turo mini hoton shafin ƙarshen nan. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki.