A Riƙa Lissafa Tsawon Aiki Daidai Kafin Biyan Kuɗin Sallama

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku don in ja hankalin masu ajiye aiki da ma'aikatan ofishin albashi kan yadda ake fitar da shekaru, watanni da kwanakin aiki kafin a biya garatuti.

Da farko a tabbatar da ranaku biyu: ranar da mutum ya kama aiki, da ranar ƙarshe da yake ma'aikaci. Kwanan watan da ke kan takardar ɗaukar aiki ba lallai ne ya zama ranar kama aiki ba, ranar da aka tabbatar da mutum kuwa takan zo daga baya.

Mu ce wani ya kama aiki ran 17 ga Satumba 2009, ya ajiye ran 5 ga Maris 2024. Tunda ranar ƙarshen ma ta aiki ce, sai a ƙara kwana ɗaya, ta koma 6 ga Maris, sannan a fara ɗebewa daga kwanaki. 17 ba ta fita daga 6, sai a ari wata guda. A nan ake yawan tuntuɓe, domin wasu 30 suke arowa ko da yaushe. Watan da ake ara shi ne wanda ya gabaci watan ajiye aiki, wato Fabrairu, wanda a 2024 kwana 29 ya yi. 6 da 29 sun ba da 35, a cire 17, saura kwana 18. Watanni sun ragu daga 3 zuwa 2, su ma 9 ba ta fita, sai a ari shekara su zama 14, saura wata 5. 2023 a cire 2009, shekara 14 ke nan.

A gwada ta gaba don a tabbatar: 17 ga Satumba 2023 shekara 14 ta cika, 17 ga Fabrairu 2024 wata 5, daga nan kwana 18. Wanda ya ari 30 zai sami 19, wanda ya manta ranar ƙarshe ya sami 17.

Wajen mayar da shi kuɗi, shekara 14 da wata 5 ba 14.5 ba ce. Wata ana raba shi da 12, kwana da 365, sai dai in ƙa'idar wurin 360 ta ɗauka. Idan albashin wata ɗaya ake biya kan kowace shekara, albashin kuma 120,000, shekarun za su kawo 1,680,000, watannin 50,000, kwanakin kusan 5,918. Jimilla 1,735,918, ba 1,740,000 ba.

Inda ƙa'ida ta ce guntun da ya haura wata shida a ɗauke shi shekara guda, wannan mutumin shekara 14 kawai za a biya shi. Hutun da ba albashi kuma, in ƙa'idar ta ce a cire, a cire shi tun kafin a duba ko guntun ya kai wata shidan.

Naku,
Mai karatu