Hoton riɗina ya ɓace, mai saye ya yi shiru

Assalamu alaikum Malam. Ina rubuto maka daga Gombe, kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba.

Ina sana'ar farin riɗi a Tudun Hatsi, gadonta na yi wurin mahaifina, kuma ba a taɓa kama ni da algus ba. Ranar Litinin na ɗauki hoton wani riɗi da na sa aka sheƙe aka tankaɗe, fari tas, na ɗora a Status na WhatsApp. Wani Baturke da na samu lambarsa ta hannun dillali a Kano ya gani, ya ce yana son kwantena guda, tan 19, wato buhu 380 mai kilo 50. Sai ranar Laraba ya dawo da tambayoyi: tsabtar ta kai kashi 99 cikin 100? Danshin ya haura kashi 6? Kuma in sake turo masa hoton nan ya nuna wa abokin kasuwancinsa.

Na duba, wayam. Ashe Status awa 24 yake yi ya sauka. Na shiga ma'ajiyar hotuna, nan ma babu.

Na manta ban gaya maka ba, akwai ɗan yayata da ke riƙe min waya. Shi ya ce ta cika, ya share hotuna. Mai gyara ya ce abin da aka goge yakan zauna a kwandon shara na wayar kamar kwana 30, amma yaron nan har kwandon ya zazzage. Wai kuskure. Yaron da tun da na hana shi kuɗin babur yake min kallon banza?

Riɗin kuwa yana sito a Dukku, mai makulli ya tafi ta'aziyya. Baturken yana jira, sai na ɗauki hoton wani buhu da ke shago na tura. Ai duk riɗi ne, Malam, sai dai wannan ya ɗan yi ja, akwai ɗan ƙaiƙayi. Ban ce masa shi ne ba, ban kuma ce ba shi ba ne. Ya rubuto cewa kalar ta canza. Tun daga nan saƙona yana shiga, yana karantawa, ba amsa. Shi ma da ya ga hoton ya burge shi, me ya hana shi adanawa?

Gobe za a buɗe siton. In yi bidiyo da kwanan wata a takarda, in faɗa masa gaskiyar hoto na biyu, ko faɗar ce za ta ƙarasa kashe cinikin? Yaron kuma, Yaya ta ce in na kore shi kada in sake taka gidanta. Ya zan yi da shi?

Naka mai sauraro,
daga Gombe